Ruwan bilic, garin kulorin ko ƙwayar NaDCC: wanne ya dace da goge jinin da ya zube a ɗakin gwaji?

Duk wanda ke kula da ɗakin gwaje-gwaje, ko na babban asibiti ne ko na ƙaramar cibiyar lafiya da ke da ma'aikaci ɗaya da madubin duba ƙwayoyin cuta ɗaya, yana fuskantar wannan tambaya a ranar da zai rubuta jerin kayan da za a saya: da me za a riƙa goge jini idan kwalba ta fashe? Abubuwa uku ne suka cancanci a tsaya a kansu, wato ruwan bilic na kanti, da garin kulorin da ake kira HTH, da kuma NaDCC wanda ke zuwa a ƙwaya ko a gari. Dukansu kulorin ne ke aiki a cikinsu, kuma dukansu suna kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin jini idan an haɗa su daidai. Inda suka bambanta shi ne yadda mutum zai iya tabbata cewa abin da ke cikin bokitinsa yau yana da ƙarfin da yake zato, kuma a kan wannan ne na fi son mai zaɓi ya ɗora hukuncinsa.

Ƙarfin da ake nema a san shi tun farko. Don jinin da ya zube, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawara a kai shi ne kulorin mai ƙarfin 0.5%, wato giram 5 na kulorin a kowace lita ta ruwa, yayin da 0.1% ya isa wajen goge teburin da babu jini a kansa. Dalilin wannan tazara shi ne jini yana cinye kulorin: sinadaran da ke cikinsa suna haɗuwa da maganin su kashe masa ƙarfi kafin ya kai ga ƙwayar cutar, saboda haka dole a zuba mai yawa domin a samu ragowar da za ta yi aikin. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya zama da ranta aƙalla kwana 7 a busasshen jini a kan tebur ko ƙasa. A Najeriya kuma, inda zazzaɓin Lasa ke tasowa kowace shekara musamman daga Disamba zuwa Afrilu, jinin mai zazzaɓin da aka kawo domin gwajin maleriya yana iya ɗauke da abin da ba wanda ya yi zato.

Ma'aunai huɗu zan bi da kowane zaɓi: kuɗin da lita ɗaya ta haɗin 0.5% ke ci (ba kuɗin kwalba ko gwangwani ba), da tsawon lokacin da kayan zai zauna a sito cikin zafinmu bai lalace ba, da sauƙin haɗa shi ba tare da kuskure ba a hannun duk wanda ke bakin aiki, da kuma haɗarinsa ga mutum da kayan aiki.

Ruwan bilic na kanti

Shi ne kowa ya sani, kuma ana samunsa a kowane shagon unguwa. Yawancin wanda ake sayarwa a Najeriya an rubuta 3.5% a jikinsa. A Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin Faransa akan rubuta ƙarfin ruwan jabel da digiri, inda digiri ɗaya ke daidai da kusan 0.3%, saboda haka mai digiri 12 yana kusa da 3.6%, mai digiri 8 kuma kusa da 2.4%. Lissafin sirkawa ɗaya ne ga dukansu:

```
(ƙarfin kwalba ÷ ƙarfin da ake so) − 1 = awon ruwa ga kowane awo ɗaya na bilic
(3.5 ÷ 0.5) − 1 = 6
```

Ma'ana, kofi ɗaya na bilic mai 3.5% da kofi shida na ruwa. A nan ne kuskuren da na fi gani yake faruwa. Mutane da yawa sun haddace "ɗaya cikin goma" daga littattafan da aka rubuta domin bilic mai ƙarfin 5% zuwa sama, suna kuma yin haka da namu mai 3.5%, sai su ƙare da 0.35% alhali suna ganin sun cika ƙa'ida. Idan kuma kwalbar ta riga ta sha rana, abin da ke bokitin ya fi haka rauni.

Raunin bilic ke nan babba: yana rasa ƙarfi tun yana cikin kwalbarsa, kuma zafi da haske suna gaggauta hakan. Kwalbar da ta yi watanni a rumfar kasuwa ko a sito mai rufin kwano, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba ta da ƙarfin da aka rubuta mata, ko da kwanan lalacewarta bai yi ba. Na taɓa aiki a wani ɗakin gwaji da ake sayen bilic na awo, wanda ake durawa a jarka marar rubutu, saboda ya fi araha. Ranar da muka samu takardar auna kulorin muka tsoma ta a haɗin da muke kira 0.5%, launin da ta nuna bai kai ko rabin haka ba, ga shi kuwa warin yana nan yana hawa hanci kamar kullum. Mun daɗe muna goge jini da shi. Tun daga ranar na daina yarda da hanci, domin hanci yana jin kulorin ko da kaɗan ne, ba ya kuma faɗin yawansa.

Wajen kuɗi, lita ɗaya ta bilic mai 3.5% tana ba da lita 7 na haɗin 0.5%, wanda ya sa yake da tsada idan ana amfani da shi da yawa, duk da cewa kuɗin da ake fitarwa a lokaci guda kaɗan ne. Wajen sauƙi kuwa babu kamarsa, don kofi da bokiti kawai yake buƙata. Haɗarinsa matsakaici ne: yana cin ƙarfe, yana ɓata tufafi, yana ƙona ido idan ya fantsama.

Garin HTH

Wannan shi ne farin garin kulorin mai tsaki-tsaki da hukumomin ruwa ke tace ruwa da shi, kuma shi ake rabawa sansanonin jinya idan kwalara ta ɓarke. Ƙarfinsa yakan kasance 65% zuwa 70%. Don samun 0.5% daga mai 70%, ana narka giram 7 da ɗan ɗoriya a kowace lita, wato kusan giram 71 a bokiti mai lita 10. Idan mai 65% ne, giram 77 a lita 10. Kilo ɗaya na mai 70% yana ba da lita 140 na haɗin jini, daidai da abin da kwalabe 20 na bilic mai lita ɗaya za su bayar. Wanda ke son sanin wanne ya fi araha a garinsu sai ya tambayi kuɗin kilo ɗaya na garin ya gwada shi da kuɗin kwalabe ashirin, kuma da wuya garin bai yi nasara da rata mai yawa ba.

Yana kuma jure ajiya fiye da ruwan bilic sosai, muddin murfinsa a rufe yake ruf kuma laima ba ta shiga ba. Da damina, gwangwanin da aka bari a buɗe yakan dunƙule ya yi laushi, kuma wannan alama ce cewa ƙarfinsa ya fara tafiya.

Matsalarsa tana wajen haɗawa da ajiya. Yana buƙatar sikeli, ko aƙalla cokalin roba da aka auna sau ɗaya a kan sikeli aka rubuta nauyin abin da yake ɗauka, domin "cokali biyar" a hannun mutum biyu ba abu ɗaya ba ne. Garin ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan gari ba, kuma a bokitin roba, a wurin da iska ke shiga, da safar hannu da takunkumi da tabarau. Bayan an motsa, farin alli yakan kwanta a ƙasa, sai a bari ya natsu a tsiyaye ruwan sama, in ba haka ba allin zai toshe bakin kwalbar feshi ya kuma bar farin tabo a kan tebur. Haɗarin da ya fi tsanani shi ne gobara: garin HTH idan ya haɗu da man inji, fetur, gas, tsumma mai maiƙo ko sifirit yana iya zafi ya kama da wuta da kansa. Ɗakin gwajin da sitonsa ɗaya ne da wurin ajiye man janareta bai kamata ya sayi wannan gari ba sai ya samar masa wani wuri na daban.

NaDCC

Shi ne mafi daɗewa a ajiye cikin ukun, yakan kai shekaru a cikin robarsa ko ledarsa idan ba a buɗe ba, kuma jini ba ya kashe masa ƙarfi da sauri kamar yadda yake yi wa bilic, domin yana sakin kulorin ɗinsa a hankali. Garinsa yana ɗauke da kusan 60% na kulorin, saboda haka giram 8.5 a lita ke ba da 0.5%. Amma abin da ya sa nake fifita shi shi ne ƙwayar, wadda ta kawar da batun awo gaba ɗaya: ƙwaya mai nauyin giram 1.67 tana sakin giram 1 na kulorin, don haka guda biyar a lita ɗaya sun ba da 0.5%, guda ɗaya kuma 0.1%. Ma'aikacin dare da kwalba ta fashe masa da ƙarfe biyu ba ya buƙatar lissafi, ƙirga biyar kawai zai yi. Akwai kuma nau'in gari mai tsaki da ake barbaɗawa kai tsaye a kan jinin, ya tsotse shi ya daskarar da shi a kwashe, wanda ke hana jinin malala zuwa ƙarƙashin firiji ko kabad.

Abu biyu za a kiyaye. Girman ƙwayoyin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka a karanta yawan kulorin da kowace ke saki kafin a rubuta adadi a bango. Na biyu, ƙananan ƙwayoyin tace ruwan sha da ake rabawa gidaje su ma NaDCC ne, amma ba na wannan aiki ba ne: mai nauyin miligiram 67 tana ba da kusan miligiram 40 kacal na kulorin, wato sai an narka sama da guda 120 a lita ɗaya kafin a kai 0.5%. Tsadarsa ita ce aibinsa, tare da cewa ba a kowane gari ake samunsa ba, sai wurin dillalan kayan asibiti.

Sifirit da magungunan wanke gida masu ƙamshi

Ba zan daɗe a kansu ba, domin ba sa cikin takarar. Sifirit mai 70% yana da kyau wajen goge fata kafin ɗibar jini da goge ƙarfen da kulorin zai ci, amma idan aka zuba shi a kan jini yana dafa shi ya manne, yana kuma bushewa kafin ya gama aiki, ga shi yana kama wuta. Magungunan da ke mayar da ruwa fari kamar madara suna sa ɗaki ƙamshin asibiti, sai dai a yadda ake ɗiga su a bokitin mofa ba abin dogaro ba ne a kan jini.

| Ma'auni | Ruwan bilic 3.5% | Garin HTH 70% | Ƙwayar NaDCC 1.67 g |
|---|---|---|---|
| Haɗin 0.5% | awo 1 da ruwa awo 6 | giram 71 a lita 10 | guda 5 a lita 1 |
| Kuɗin kowace lita | mai tsada idan aiki da yawa | mafi araha | mai tsada |
| Jure ajiya | watanni, zafi na rage shi | ya daɗe idan babu laima | mafi daɗewa |
| Sauƙin haɗawa | kofi da bokiti | sikeli da jiran alli ya kwanta | ƙirga kawai |
| Babban haɗari | rauni ba a sani ba | gobara da ƙura mai shaƙewa | ruɗa shi da na ruwan sha |

Akwai dokokin da suka hau kan duka ukun. Haɗin da aka sirka na yini ɗaya ne: a haɗa da safe, a rubuta ƙarfi da kwanan wata a jikin roba mai murfi wadda haske ba ya ratsawa, a zubar da ragowar washegari. Kada a haɗa kulorin da asid, ko maganin wanke masai, ko fomalin, kuma kada a zuba gari ko haɗi mai ƙarfi a kan fitsarin da ya zube, domin iska mai guba ke tashi. Fitsari a fara tsane shi da takarda tukuna. Masu aikin PCR, wato gwajin gano cuta ta ƙwayoyin halittarta, su ƙara kula da cewa ruwan fasa ƙwayoyin halitta da ke cikin kayan tace samfur yakan ƙunshi gishirin guwanidin, wanda ke fitar da iska mai kisa idan ya haɗu da bilic. Takardar auna kulorin kuma a nemi mai auna babban ƙarfi, domin ta auna ruwan sha ba ta wuce 'yan miligiram a lita.

Kwalba ɗaya ta faɗi ƙasa

A ɗauka kwalbar gilashi mai mililita 5 ta suɓuce daga hannu ta fashe a kan tayil. Jinin da ke ciki bai wuce cokalin shayi ɗaya ba, amma yakan fantsama har fiye da taku ɗaya ta kowane gefe, ya taɓa ƙafar tebur da takalmin wanda ke tsaye. Abu na farko shi ne a dakatar da zirga-zirga a wurin, a duba ko ya taɓa fata ko ido. Fata a wanke da sabulu da ruwa, ido kuma da ruwa mai yawa. Sannan a sa safar hannu, zai fi kyau mai kauri a kan ta leda, da rigar leda da tabarau. A shimfiɗa takarda mai tsotsa a kan jinin da gilashin duka, a zuba haɗin 0.5% a hankali daga gefe ana zagayowa zuwa tsakiya har takardar ta jiƙe sharaf. Ba a fesawa, ba a kuma kwararawa daga sama, domin hakan na tayar da jinin ya zama feshi. Sai a duba agogo a jira: minti 10 shi ne mafi ƙaranci, ni kuma ina bin minti 30 idan jinin mai zazzaɓin da ba a san musabbabinsa ba ne. Wannan jira shi ne matakin da aka fi tsallakewa, musamman idan marasa lafiya sun yi layi a ƙofa.

Bayan lokaci ya cika, a tsince gilashin da hantsaki ko a tura shi da kwali mai tauri cikin abin kwasar shara, ba da yatsu ba ko da akwai safar hannu, a zuba a mazubin kaifafa. Takardar ta tafi ledar shara mai cuta. A wanke wurin da omo da ruwa, a sake shafe shi da kulorin, a bari ya bushe. Idan ƙarfe ne a ɗauraye da ruwa daga baya don kada ya yi tsatsa. Idan kuwa a cikin injin juya jini kwalbar ta fashe, a kashe shi a bar murfin a rufe minti 30 domin feshin ya kwanta, kuma a nemi maganin da ba ya cin ƙarfe don kwanukansa, saboda kulorin yana rarake alminiyam.

Mazubin allura: kwali ko roba

A nan ma akwai zaɓi, kuma haɗarin ya fi na jinin ƙasa girma. Idan allurar da ta taɓa jinin mai cuta ta soki wanda bai yi rigakafi ba, yiwuwar kamuwa da ciwon hanta nau'in B tana tsakanin 6% da 30%, ta ƙanjamau kuma kusan 0.3%. Akwatin kwali mai lita 5, irin wanda aka saba gani wurin rigakafin yara, yana ɗaukar sirinji kusan 100, yana da araha, ana kuma ƙona shi dungum da abin da ke ciki. Rauninsa ruwa ne: gilashin da ya jiƙe da kulorin ko ƙasa mai laima suna sa gindinsa ya ruɓe, allura ta leƙo. Mazubin roba mai tauri da murfi mai kullewa ya fi tsada, amma shi ya dace da teburin da ake zubar da fasassun kwalabe da gilashin shafa jini masu danshi. Inda babu ko ɗaya, jarka mai kauri da ƙaramin baki, wadda aka rubuta wa gargaɗi, ta fi kwandon shara nesa ba kusa ba. Gorar ruwan sha kuwa allura na huda ta. Kowanne aka zaɓa, a ajiye shi inda hannu zai kai daga wurin ɗibar jini, kada a mayar wa allura murfinta, a kuma rufe mazubin idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Wanda allura ta soka ya wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin ruwa, kada ya matse ko ya zuba bilic a ciwon, ya kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, gara ma a sa'o'in farko, a sha na kwana 28.

Sauran shara mai jini tana shiga leda mai ruwan ɗorawa, ta gama-gari kuma baƙar leda. Kwanukan da aka shuka ƙwayoyin cuta a cikinsu a fara turara su a tukunyar otokilab a digiri 121 na minti 30 kafin su bar ɗakin, amma takardar da ta sha kulorin ba ta shiga wannan tukunya, don tururinta yana cin ƙarfen yana kuma cutar da mai buɗewa. A yanayi irin namu shara mai cuta ba ta wuce awa 24 a ajiye da bazara, ko awa 48 lokacin sanyi, kafin a kai ta wurin ƙonawa.

Wa ya dace da wanne

Ƙaramar cibiya ko ɗakin gwaji mai zaman kansa da jini ke zuba sau ɗaya ko biyu a wata ya riƙa sayen bilic a ƙananan kwalabe masu hatimi da kwanan wata, daga shagon da kaya ba sa kwantai, ya ajiye a inuwa, ya manna "1 da 6" a bango kusa da bokitin, kuma ya guji na awo. Babban asibiti, wurin ajiyar jini ko sansanin annoba da ke shan lita goma-goma a yini zai fi samun sauƙi da garin HTH, da sharaɗin akwai sikeli, da sito busasshe nesa da mai, da mutum ɗaya da aka ɗora wa haɗawa kowace safiya. Cibiyar da ke nesa da gari wadda kaya ke isa gare ta sau biyu a shekara, da ayarin da ke fita ƙauyuka ɗibar jini, da duk ɗakin da ma'aikaci ɗaya ke kwana shi kaɗai, ƙwayar NaDCC ce tasu. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi dukan aikin da ita ba yana iya goge teburan yau da kullum da bilic ko HTH, ya ware roba ɗaya ta ƙwayar a cikin akwatin goge jini, tare da hantsaki, takarda mai tsotsa, safar hannu, leda mai ruwan ɗorawa da gora mai lita ɗaya da aka ja wa layi.